Tabarau a Kano: na tebur, na shago ko na asibiti, wanne ya dace da mai ƙaramin ƙarfi?

Me ya sa tabarau na kan tebur a bakin Kasuwar Sabon Gari ba ya wuce 'yan dubbai kaɗan, amma da ka shiga shago mai sanyi a Titin Zoo ko Titin Murtala Muhammad sai a yanka maka dubbai goma-goma, wani ma ya haura dubu ɗari? Mai shago ne yake tsuga wa mutane, ko mai tebur ne yake sayar da abin da zai kashe ido? Tun bayan da aka saki darajar naira a 2023 wannan muhawara ta ƙara zafi, domin kusan duk gilashi da firem daga waje ake shigo da su, kuma farashinsu yana bin dala sau da ƙafa. Ma'aikacin da mafi ƙarancin albashinsa a Kano yake naira 71,000 ba zai ɗauki rabinsa ya ɗora a kan hanci ba sai da dalili.

A majalisu mutane sun rabu biyu. Wasu na cewa duk gilashi gilashi ne, kuɗin haya da na janareta kawai ake biya wa mai shago. Wasu kuma sun rantse cewa na tebur makanta yake kawowa. Duka ɓangarorin sun riƙi wani abu na gaskiya, kuma duka sun haɗa abubuwan da ya kamata a raba.

## Abu uku ake saye a ciniki ɗaya

Duk wanda ya fito da tabarau daga wani wuri, kuɗinsa ya tafi ne ga gwajin ido, da gilashin da aka yanka, da firem ɗin da ya riƙe shi. Mai tebur yana sayar da biyun ƙarshe a haɗe, babu na farko. Mai shago yana sayar da duka ukun, amma ribarsa ta fi kwanciya a firem da ƙarin shafe-shafen da ake yi wa gilashi. Asibiti kuwa ƙarfinsa yana wurin gwaji, kuma gwajinsa ya wuce neman lambar tabarau, ya kai ga duba lafiyar idon kansa.

Lambar da ake gani a jikin tabarau, irin +1.50 ko -2.00, ita ce ƙarfin gilashin. Mai alamar tarawa yana taimaka wa ido wajen ganin kusa, mai alamar ɗebewa na wanda ba ya gani daga nesa ne. Takardar da ake bayarwa bayan gwaji tana ɗauke da layi biyu, RE na idon dama, LE na hagu, da gurabe kamar haka:

```
      SPH     CYL     AXIS    ADD
RE   +0.25    --      --     +1.50
LE   +0.25   -0.25    90     +1.50
PD   63
```

SPH shi ne ƙarfin asali na ganin nesa. CYL da AXIS suna gyara idon da fuskarsa ba ta zagaye daidai ba, wanda yake ganin rubutu da inuwa a gefe, fitilar mota kuma tana ja masa wutsiya da dare. ADD ƙarin ƙarfi ne na karatu. PD kuma tazarar da ke tsakanin ƙwayar idon dama da ta hagu ce, a milimita. Wanda ya iya karanta waɗannan gurabe ya riga ya san inda zai kai kuɗinsa.

## Abin da mai tebur yake iya yi, da inda ya tsaya

Daga kusan shekara 40, ƙwayar da ke cikin ido tana fara taurin da ke hana ta lanƙwasa don ganin kusa. Ba cuta ba ce, kowa zai riske ta in da rai. Mutum ya fara miƙa hannu nesa don karanta saƙon waya, ɗaliban ilimi su fara kukan cewa wasullan littafi sun ƙanƙance, uwar gida ta fara kiran yaro ya zura mata zare. A farkon shekarun arba'in +1.00 kan wadatar, wajen hamsin a kai +2.00 ko kusa da shi, zuwa sittin a tsaya wajen +2.50. Wannan hauhawar ita ce ta haifar da zancen cewa tabarau yana cinye ido. Lambar za ta hau ko an sa ko ba a sa ba, shekaru ne suke tura ta.

Ga irin wannan larura kaɗai, tabarau na tebur yana aiki, kuma ba ya lalata idon babba. In lambar ba ta dace ba, iyaka ya kawo ciwon kai da jan ido, ka cire su tafi. Shirye-shiryen raba tabarau na karatu da gwamnati da ƙungiyoyi suke yi ma irin wannan ɗinkakken suke rabawa, sai dai bayan an ɗan duba mutum.

Amma an yi shi ne kamar rigar kanti: awo ɗaya ga kowa. Ƙarfin gilashin dama da na hagu iri ɗaya ne, babu CYL ko kaɗan, tazarar tsakiyar gilasan biyu kuma an sa ta a kan matsakaicin awo, sittin da 'yan kai. Wanda idanunsa suka yi kusa da wannan awo ya yi dace. Wanda bai yi ba, zai ta canza lamba daga tebur zuwa tebur yana zaton bai samu mai kyau ba ne.

Akwai kuma matsalar ingancin kayan kansu, domin a kwali ɗaya ana samun mai kyau da marar kyau. Lambar da aka manna a jiki ba kullum take zama ta gaskiya ba, wani lokaci ma tsakiyar gilashin dama ta ɗara ta hagu tsawo. Ido yana iya jure 'yar karkata zuwa gefe, amma bambancin sama da ƙasa ko kaɗan ne yana sa jiri da ganin abu biyu-biyu. Saboda haka in za ka saya, je da abin da kake son gani: littafinka, wayarka, ko allura da zare. Riƙe shi inda ka saba riƙewa, wajen santimita 35 zuwa 40. Fara da mafi ƙarancin lamba ka hau a hankali, ka tsaya a ta farko da ta wanke maka rubutu. Mai tebur zai ce, "Alhaji, ga wannan ya fi ƙarfi, dubi yadda ya fito da shi ɓaro-ɓaro." Gaskiya ne ya fi girmama rubutu, amma zai tilasta maka kawo takarda dab da hanci. Daga nan rufe ido ɗaya ka karanta, ka rufe ɗayan. In ɗaya ya gani tar ɗayan yana dishi-dishi, ajiye tabarau ɗin, maganarka ta wuce tebur. In duka sun gani, cire shi ka riƙe shi nesa da fuska, ka kalli wani miƙaƙƙen layi ta cikinsa, kamar gefen ƙofa, kana motsa shi a hankali. Layin da ya riƙa yin igiya-igiya ya nuna gilashin gurɓatacce ne.

Tabarau mai alamar ɗebewa kuwa kada a saye shi a tebur. Kusan kowa yana zaɓar wanda ya fi ƙarfinsa, saboda yana sa abu ya yi baƙi ya yi kaifi a minti na farko. Haka baƙin gilashin rana: duhunsa ba shi ne kariya ba. Wanda ba ya tare hasken rana mai cutarwa yana sa baƙin ido ya buɗe, hasken ya ƙara samun hanya, kuma takardar UV400 da aka manna kowa na iya manna ta.

## Shago: inda ake samun aiki mai kyau, inda kuma kuɗi ke zurarewa

Shagunan tabarau ba ɗaya suke ba. Akwai wanda ƙwararren mai auna ido yake zaune a ciki, akwai wanda yaron shago ne kawai da na'ura. Tun 1989 akwai hukumar ODORBN da ke yi wa masu auna ido da masu haɗa tabarau rajista a Najeriya, kuma ba rashin kunya ba ne ka tambayi wanda zai gwada ka ko yana da lasisinta. Abin da ake kira gwajin kwamfuta, wato ka ɗora haɓa ka kalli hoton wani ɗan gida ko balan-balan, ƙiyasi ne na farawa. Gwajin yana cika ne idan an sa maka firem na gwaji ana sauya gilasai ana tambayarka wanne ya fi, ido ɗaya bayan ɗaya, kana karanta allon haruffa. Shagon da ya yaga takardar na'ura ya miƙa wa mai yanka kai tsaye ya tsallake rabin aikin.

Fa'idar shago ita ce ana yanka gilashi a kan idonka, kowanne da lambarsa, tsakiyarsa kuma a kan ƙwayar idonka. Muhimmancin wannan tsakiya yana ƙaruwa ne da girman lamba, kuma lissafinsa mai sauƙi ne: a ninka kuskuren a santimita da ƙarfin gilashin. Mai +1.50 da aka kauce masa da milimita 4, wato 0.4 sau 1.5, ya samu karkata 0.6, da wuya ma ya ji. Mai -6.00 da aka yi masa kuskure iri ɗaya ya samu 2.4, ninki huɗu ke nan, kuma kansa zai gaya masa kafin la'asar. Don haka mai babbar lamba ya lura ko an auna masa PD, ko an ɗiga alama da alƙalami a kan gilashin firem ɗin yana sanye da shi.

Kuɗin kuma a ina yake tafiya? Da farko firem. Sunan kamfanin da aka buga a hannunsa ba ya ƙara gani, kuma da yawa daga cikin manyan sunayen da ake gani a kan araha kwaikwayo ne. Abin dubawa shi ne maƙalar hannun ta yi ƙarfi, ya zauna a hanci ba ya zamewa in an yi sujada, ya kuma zama mai zagaye gilashin gaba ɗaya, domin maras baki ya fi saurin karyewa. Ana iya zuwa da tsohon firem mai lafiya, ko a saya a kasuwa a kai shago a yanka masa gilashi, wasu shagunan suna karɓa, sai dai su ce ba ruwansu in ya karye a hannun mai yanka.

Sai ƙarin da ake jero maka. Gilashin roba na gama-gari ya ishi mai lamba ƙasa da uku ko makamancin haka. Siririn gilashi mai tsada, wanda za ka ji ana ce masa 1.61 ko 1.67, amfaninsa rage kauri ga mai babbar lamba. Mai canza launi a rana yana da daɗi ga wanda yake wuni a waje, amma a cikin mota ba ya yin duhu sosai, don gilashin motar ya riga ya tare hasken da ke tayar da shi. Shafen hana ƙyalli yana taimaka wa mai tuƙin dare. Shi kuwa wanda aka fi tallatawa yanzu, na tare shuɗin hasken waya da kwamfuta, wani babban nazari na 2023 da ya tattara gwaje-gwaje 17 bai ga alamar yana rage gajiyar ido fiye da gilashi na yau da kullum ba. A ganina mai ƙaramin ƙarfi ya fara tsallake wannan.

Duk waɗannan shafe-shafe ƙurar Kano ce abokiyar gabarsu. Wanda yake goge tabarau a bushe da bakin riga lokacin hunturu, yashi yake gurzawa a kai. A ɗauraye da ruwa tukuna, sannan a goge da ƙyalle mai laushi. Barinsa a gaban mota da zafin bazara kuma yana tsattsaga shafen, ba a kuma gyara shi.

## Asibiti: layi, kati, da abin da babu a sauran biyun

Kano ba ta rasa wuraren duba ido ba. Asibitin Ido na ECWA da ke Sabon Gari yana aiki tun 1943, ga Asibitin Ido na Makkah, ga sashen ido na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Asibitin Murtala. Tsadar asibiti ga talaka ba a kati take ba, a lokaci take: sammako, layi, kuɗin adaidaita sahu, da cinikin yini guda da ya tafi. In an ɗiga maganin buɗe ido kuma, karatu da tuƙi sun tsaya na 'yan awoyi.

Abin da ake saye da wannan wahala shi ne a auna ƙarfin ruwan cikin ido, wanda galibi yake tsakanin 10 da 21, a kuma leƙa jijiyar gani da bayan ido. Binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa kusan mutum 5 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 40 suna da hawan jinin ido, wato gilakoma, kuma fiye da 9 cikin 10 nasu ba su sani ba. Cutar tana cin gani ne daga gefe, ba zafi ba ja, abin da ta ci kuma ba ya dawowa. Shekarun da take farawa su ne shekarun da mutum yake fara neman tabarau na karatu. Haɗarin tebur na gaskiya ke nan: tabarau ɗin ya yi aiki, rubutu ya fito, mutum ya ce ido ya warke, ya shekara goma babu wanda ya leƙa cikinsa.

Akwai wasu da lambarsu ma ba ta tsayawa sai an duba jiki. Mai ciwon suga, in sugan ya hau ganinsa yana sauyawa, duk tabarau ɗin da aka yanka masa a wannan hali zai zama asara da zarar sugan ya sauka. Dattijon da ya wayi gari yana karatu ba tabarau bayan shekaru yana sawa, kafin a yi murna a duba shi, sau da yawa yanar ido ce ta fara. Yaro kuwa sai an ɗiga masa magani kafin a samu lambarsa ta gaskiya, kuma idon da aka bari da rauni har ya wuce shekara bakwai ko takwas yana da wuyar dawowa. Jan ido mai zafi, raguwar gani farat ɗaya, ko tarihin makanta a dangi, duk na asibiti ne.

Sai dai ba dole ba ne a yanka tabarau inda aka yi gwaji. Shagon cikin asibiti wani lokaci ya fi na waje sauƙi, wani lokaci bai fi ba, kuma zaɓin firem ɗinsa kan yi kaɗan. Karɓi takardarka, ka ɗauki hotonta a waya.

## Tela a Fagge da takarda iri biyu

Mu ɗauki tela mai shekara 47 a Fagge, wanda zura zare ya fara gagararsa da yamma, ya ware naira 25,000 don wannan matsala. In ya shiga shago kai tsaye ya ce a yi masa mai kyau, za a iya haɗa masa firem mai suna, mai canza launi da mai tare shuɗin haske, kuɗin ya ƙare har a biyo shi ciko. In ya tsaya a tebur, zai kashe ɗan kaɗan, amma bai san halin da jijiyar idonsa take ciki ba. Hanya ta uku ita ce ya ba da safiya ɗaya ga asibiti, ya fito da takarda.

A ce takardar ta fito kamar wadda ke sama, an kuma ce masa ruwan ido da jijiya lafiya lau. Lambar karatunsa ita ce SPH a tara da ADD: +0.25 da +1.50 sun ba da +1.75 a kowane ido. CYL na -0.25 ƙarami ne, ana iya kau da kai daga gare shi. PD 63 ya yi kusa da awon gama-gari. Wannan mutum na tebur ya ishe shi. Ya sayi +1.75 guda biyu, ɗaya a kan keken ɗinki ɗaya a gida, sauran kuɗin ya koma aljihu. In aikin surfani yake yi yana sunkuyawa dab da yadi, +2.00 zai fi masa. Sai dai ya riƙa cire shi in zai miƙe ko zai hau babur, don nesa dishi-dishi zai yi masa.

A ce kuma ga yadda ta fito:

```
      SPH     CYL     AXIS    ADD
RE   +0.50   -1.50    85     +1.50
LE   +1.75   -0.50    95     +1.50
```

Nan idon dama yana neman +2.00 don karatu, na hagu +3.25, ga CYL mai nauyi a dama. Babu tebur a Kano da yake da wannan haɗin. In ya ɗauki +2.00 hagu ya wahala, in ya ɗauki +3.00 dama ta wahala, inuwar rubutun kuma tana nan. Dole a yanka masa. Amma ko a nan kuɗinsa na iya isa in ya san abin da zai nema: gilashin roba na gama-gari, fari, a cikin firem mai sauƙi. Tun da ganin nesansa ma yana da gyara, mai hawa biyu, wanda layinsa yake bayyane, zai yi masa aikin nesa da kusa a tabarau ɗaya. Wanda ba shi da layi ya fi kyan gani, ya kuma fi tsada nesa ba kusa ba, ga shi gefensa yana lanƙwasa abu, tela kuwa miƙaƙƙen layi yake bi a faɗin yadi.

Ya kai takardar shago biyu ko uku, ya nemi a faɗa masa kuɗin gilashi daban, na firem daban. Kuɗin dunƙule shi ne yake ɓoye inda tsadar take. Ya kuma tambaya tun kafin ya ba da kafin alƙalami: in bai zauna ba za a sake yankawa, kuma a kuɗin wa?

## Ranar karɓa

Kada a karɓa a leda a wuce. A sa shi a shagon, a karanta da kowane ido shi kaɗai, a kalli nesa, a taka 'yan taku. Shagon kirki yana da na'urar da ke karanta lambar gilashin da aka gama, a nemi a ɗora shi a kai a gwada da takarda, musamman AXIS, domin ga mai CYL irin -1.50 kaucewar digiri goma ta isa ta dawo da inuwar. A mai hawa biyu, layin ya tsaya daidai fatar ido ta ƙasa. In ya yi sama zai tare hanya, in ya yi ƙasa sai an ɗaga haɓa kafin a yi karatu.

Wanda ya fara sa CYL zai ji ƙasa ta ɗan karkace ko bango ya jingina na 'yan kwanaki, wannan yana wucewa. Ganin abu biyu-biyu, ko ciwon kan da bai ragu ba bayan mako biyu ana sawa kullum, ba na sabo ba ne. A koma da tabarau da takarda da rasit. In na'ura ta nuna gilashin bai yi daidai da takarda ba, gyaran na mai shago ne. In ya yi daidai amma ido bai karɓa ba, a koma wurin wanda ya yi gwajin ya sake aunawa.